Jabun ƙwayoyi, fentanil da tsayawar numfashi: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Kano

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga irin abin da iyaye, 'yan kemis, direbobin adaidaita sahu da masu unguwanni suka fi yi wa ma'aikatan lafiya game da ƙwayoyin da ake saya a hannu, ba a kantin magani mai rajista ba.

Me ake nufi da jabun ƙwaya? Ba wadda ba ta aiki ba ce?

Jabu iri biyu ne. Akwai wanda aka rage masa sinadari ko ba a sa masa komai ba, kamar jabun maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda illarsa ita ce cutar ta ci gaba da cin mutum. Akwai kuma wanda ke aiki, har ma ya zarce na gaskiya ƙarfi, amma abin da ke cikinsa ba shi aka rubuta a jikin katin ba. Na biyun ne ya shafi ƙwayoyin maye da na kashe ciwo, domin wanda ya buga su ba ya son mai saye ya sha ya ji ba komai. So yake ya ji ta kama shi, gobe ya dawo. Saboda haka duk sinadarin da ya fi araha kuma ya fi bugarwa shi zai zuba, ya buga masa tambarin ƙwayar da aka saba da ita.

Injin buga ƙwaya, launi, tambari, katin leda da kwali duk abubuwa ne da ake kwaikwaya. Har lambar NAFDAC ana bugawa ta ƙarya.

Mene ne fentanil, kuma me ya sa masu jabu ke son sa?

Magani ne na asibiti daga dangin ofiyom, dangin da kodin, tiramol, mofin da hiroyin suke ciki. An fara haɗa shi wajen 1960, kuma likitocin sa barci suna amfani da shi a ɗakin tiyata, ana kuma ba masu ciwon daji da ciwo ya tsananta musu. Ya ninka hiroyin ƙarfi wajen sau 50, ya ninka mofin wajen sau 100.

A ɗakin tiyata da maikurogiram ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Allurar maikurogiram 50 zuwa 100 ta isa ta kwantar wa babba da ciwo mai tsanani, kuma ana yin ta ne da iskar oksijin a kusa, ga na'ura tana lura da numfashi. Miligiram 2 kuwa, wanda ya ninka wannan sau 20 zuwa 40, yana iya kashe mutumin da jikinsa bai saba da dangin ofiyom ba.

Amfaninsa ga mai jabu a fili yake. Ba a noma shi, da sinadarai ake haɗa shi, don haka babu jiran damina, babu gona. Kuma ɗan ƙulli kaɗan yana yin ƙwayoyi dubbai, ga sauƙin ɓoyewa a cikin kaya.

Kada a haɗa shi da allurar nan da matasa ke kira fenta. Waccan fentazosin ce, ita ma 'yar dangin ofiyom ce kuma tana da nata haɗarin, amma ƙarfinta bai ko kusa da na fentanil ba.

Wannan ba matsalar Amurka ba ce? Me ya haɗa ta da Kano?

Amurka ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. A shekarun 2021 zuwa 2023 sama da mutum 100,000 ne ke mutuwa duk shekara a can saboda ƙwaya ta fi ƙarfinsu, kuma wajen kashi biyu cikin uku fentanil da danginsa ne sanadi. Da yawa daga cikin matasan da suka mutu ƙwaya ɗaya suka haɗiya suna zaton maganin ciwo ne ko na barci. A 2023 hukumar DEA ta can, mai yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta ce bakwai cikin kowace goma na jabun ƙwayoyin fentanil da ta gwada suna ɗauke da adadin da zai iya kisa.

A nan gida, NDLEA ta yi gargaɗi tun 2022 cewa masu safara na neman shigo da fentanil kasuwar Najeriya, kuma a 2023 ta kama masu sayar da shi a kasuwar magani ta Onitsha. Amma a cikin ƙwayoyin dangin ofiyom, wadda aka fi kamawa a ƙasar nan ita ce tiramol mai miligiram 200, 225 ko 250, alhali na miligiram 50 da 100 ne NAFDAC ta amince da su. Sannan a Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna cewa ƙwayoyi irin su Tafrodol da Super Royal-225, waɗanda wani kamfani a Indiya yake turowa Afirka ta Yamma a lokacin, haɗi ne na tafentadol da karisofurodol. Na farko ɗan ofiyom ne da ya fi tiramol ƙarfi, na biyu kuma mai sassauta tsokar jiki ne da ke sa barci. Babu ƙasar da ta amince a haɗa su a ƙwaya ɗaya. Mutane da dama sun sha su suna cewa tiramol suka sha. A Saliyo kuma gwajin da aka yi wa kush, wani kayan maye da ake zuƙa kamar taba, ya gano nitazin a ciki, wani rukuni na ofiyom ɗin roba da wasu daga cikinsa suka fi fentanil ƙarfi.

To ka ga musanya abin da ke cikin ƙwaya ba labarin nesa ba ne, ya riga ya faru da kayan da ke yawo a yankin nan. Kano kuwa cibiyar kasuwanci ce, daga nan kaya ke bazuwa zuwa Arewa da Nijar. Hanyar da ta kawo tafentadol da sunan tiramol ba ta da wani shinge da zai hana ta kawo wanda ya fi shi.

Abokina ya sha daga kati ɗaya da wani, shi ya tashi lafiya, ɗayan ya mutu. Yaya haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a shafin nan, don ita ce ke rusa maganar "ai mun saba da kayan wane".

A masana'antar magani ta gaskiya, ana gauraya sinadari da garin da ke riƙe ƙwaya a injina na musamman, sannan a ɗebi ƙwayoyi daga kowane bugu a gwada, a tabbatar kowace tana ɗauke da abin da aka rubuta, da ɗan bambanci kaɗan. Mai jabu ba ya yin ko ɗaya. Ɗauki misalin ƙaramin cokali na gishiri da aka zuba cikin kwanon garin masara busasshe, aka juya da hannu sau biyu. Wani wuri ka ɗanɗana ba komai, wani wuri ka ci karo da gishirin a dunƙule. Idan sinadarin mai rauni ne, dunƙulewar ba za ta yi kisa ba. Idan fentanil ne, wanda 'yan tsirarun ƙwayoyin gishiri ne girman adadin da ke kashewa, dunƙule ɗaya ya isa.

Gwaje-gwajen DEA sun sami jabun ƙwayoyin da fentanil ɗin cikinsu ya kama daga miligiram 0.02 har zuwa 5.1. Ta ƙarshen ta ninka ta farkon sama da sau 250, kuma a ido babu bambanci. Wanda ya faɗa kan mai rauni zai ce kayan ba su da kyau, ya ƙara ta biyu. Wanda ya faɗa kan mai ƙarfi ba zai samu damar cewa komai ba. Ko raba ƙwaya biyu ba ya raba haɗarin daidai, don dunƙulen yana iya kasancewa duk a ɓari ɗaya. Shi kansa mai sayarwar a lungu bai san abin da ke ciki ba, saro su ya yi.

Bayan wannan akwai bambancin jiki. Wanda ya daina sha na makonni, ko saboda yana tsare, ko yana gidan gyaran hali, ko ya kwanta asibiti, ko ya kame a watan azumi, jurewar jikinsa ta sauka. Idan ya koma kan adadin da ya saba sha a da, shi ne ya fi kowa kusa da mutuwa. Haka mai asma, mai ciwon hanta ko ƙoda, da mai yin minshari mai yankewar numfashi.

Akwai yadda zan gane jabu da ido, ko da ɗanɗano?

Akwai alamun da ke nuna jabu: ƙwaya mai marmashewa, launi mai dabbare-dabbare, rubutun da ke gogewa, kuskuren haruffa a kwali, tiramol da aka rubuta wa miligiram sama da 100, ko ƙwayoyi tsiraru a ƙullin leda ba kati ba kwali. In ka ga ɗaya daga ciki, magana ta ƙare. Sai dai rashin ganinsu ba shaida ba ce, domin jabu mai kyan bugu yana ruɗar ma'aikacin magani ma. Fentanil ba ya da warin da za ka ji, ba ya canja wa ƙwaya kala.

Lambar da ake kankarewa a tura ta saƙon waya tana da amfani, amma an fi sa ta a kan maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta. A wasu ƙasashe ana amfani da 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwan da aka narka ƙwaya a ciki. Ita ma tana da iyaka: tana nuna akwai fentanil ko babu, ba ta faɗin yawansa, kuma takardar fentanil ba ta ganin nitazin.

Tabbacin da ake da shi guda ɗaya ne, inda maganin ya fito. Takardar likita, kantin magani mai rajista da hukumar PCN da ke kula da harkar sayar da magani, kwali a rufe. Kemis na unguwa ba shi da izinin sayar da tiramol ko ƙwayoyin sa barci irin su roci da D5, balle mai talla a faranti ko a tasha. Dalilin da ya sa hukumomi suka matsa a 2024 sai dillalan magani sun tashi daga Sabon Gari sun koma cibiyar Dangwauro ke nan, don a iya bin sawun kaya daga kamfani zuwa kanti.

Idan ƙwaya ta fi ƙarfin mutum, me ke kashe shi?

Numfashi. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke lura da gurɓatacciyar iska a jini, da ta taru sai ya umarci ƙirji ya ja numfashi. Dangin ofiyom suna kashe kaifin wannan wuri. Numfashi ya ragu, ya zama sama-sama, harshe ya saki ya koma baya ya toshe maƙogwaro, oksijin ya yi ƙasa a jini. Minti huɗu zuwa shida ba iska, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa, daga baya zuciya ta tsaya. Fentanil kan ƙara da sandarar da naman ƙirji, har hura wa mutum iska ya yi wuya.

Saurin abin ya danganta da hanyar da ya shiga. Ta allura ko shaƙa, cikin mintuna kaɗan ne. Ta haɗiya yana ɗaukar lokaci, shi ya sa ake yawan samun mutum ya shiga ɗaki da ƙafarsa, a tarar da gawarsa da asuba.

Haɗi kuma shi ne mafi muni. Roci, D5, firegabalin, ruwan kodin da giya kowanne yana danne numfashi ta tasa hanyar, idan suka haɗu da ɗan ofiyom sai su ƙarfafa juna. Mai jabun ƙwaya yana iya shan haɗi bai sani ba, kamar yadda aka gani a Tafrodol. Tiramol kuma yana da ƙarin illa ta daban: yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman in an haura miligiram 400 a yini, wanda shi ne iyakar da likita ke ba babba. Ƙwaya biyu masu 225 sun riga sun wuce wannan.

Yaya zan bambance mai barcin maye da wanda ke mutuwa?

Abu uku ake dubawa tare: ba ya farkawa, numfashi ya yi ƙasa, ɗigon tsakiyar ido ya tsuke ya zama kamar kan allura. Kira sunansa da ƙarfi, girgiza kafaɗarsa, sannan ka dunƙule hannu ka murza ƙashin tsakiyar ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. Mai barci zai motsa ko ya ture ka. Sai ka kalli ƙirjinsa ka ƙirga. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ƙasa da 12 abin damuwa ne, ƙasa da 8 ko dogon shiru tsakanin numfashi gaggawa ce.

Littattafai kan ce leɓe zai yi shuɗi. A baƙar fata ba lallai ka ga haka ba. Janyo leɓen ƙasa ka duba cikinsa da dasashi da ƙarƙashin farce, za ka ga sun yi toka-toka ko fari-fat. Fata kan yi sanyi da danshi.

Alamar da ta fi yaudarar iyali ita ce minshari. Wani irin gurnani ne mai kama da kakari, yana yi yana yankewa. Mutanen gida su ji su ce "ku ƙyale shi, barci ya yi nauyi". Wannan ƙarar maƙogwaro ne da ke rufewa.

To me zan yi, daki-daki?

Mu ɗauki misali. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, an tarar da matashi kwance a soro, yana kakari, kusa da shi ga katin ƙwaya an ɓalle biyu. An kira shi, an murza ƙirjinsa, bai motsa ba. An ƙirga numfashi, sau biyar a minti.

1. Mutum ɗaya ya kira 112 ya kuma nemo mota ko adaidaita nan take, kada a tsaya jiran ɗaya. Wani ya zauna da shi.
2. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A duba baki, in akwai amai ko wani abu da ake gani a share. A ɗora hannu a goshi a tura kai baya, a ɗaga haɓa. Sau da yawa wannan kaɗai yana yanke kakarin.
3. A toshe hanci, a rufe bakinsa da baki, a hura na daƙiƙa ɗaya har a ga ƙirji ya taso. Hurawa ɗaya duk daƙiƙa biyar zuwa shida. In ƙirji bai taso ba, a gyara kai a sake.
4. In akwai nalokson, wato maganin da ke karya ofiyom, a ba shi yanzu. In babu canji bayan minti biyu zuwa uku, a ƙara. Hurawa ba ta tsayawa a tsakani.
5. In numfashi ya tsaya cak, babu wani motsi, a fara danna tsakiyar ƙirji da hannu biyu, zurfin wajen santimita 5, da saurin 100 zuwa 120 a minti. Dannawa 30, hurawa biyu.
6. In numfashi ya dawo daidai, a juya shi ya kwanta a gefe, gwiwar sama a lanƙwashe, fuska ta ɗan kalli ƙasa don kada amai ya shaƙe shi.
7. A tafi sashen gaggawa mafi kusa, kamar na Asibitin Murtala, Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Nasarawa, a tafi da katin ƙwayar.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a hanya. A zaunar da shi a bayan adaidaita, kai ya langaɓe a ƙirji, maƙogwaro ya rufe, a isa asibiti da gawa. A kwantar da shi, mutum ɗaya ya riƙe kai da haɓa, ya ci gaba da hurawa har ƙofar asibiti. A can kuma a faɗa wa likita gaskiya: me ya sha, guda nawa, ƙarfe nawa, da me ya haɗa. Ɓoye wannan don gudun abin kunya minti ne ake ɓatawa, kuma minti ne abin da ba shi da shi.

Madara, manja, ruwan gishiri ko watsa ruwan sanyi fa?

Ba ɗaya da ke karya ofiyom. Ɗura wa wanda ba ya hayyacinsa wani abu a baki yana tura shi huhu ne, manja a huhu kuwa ciwo ne na daban mai tsanani. Sa shi amai ma haka. Mari, ruwan sanyi da jan sa yawo suna iya sa ya buɗe ido na ɗan lokaci, sannan ya koma. In jijjiga yake yi, kada a cusa masa cokali a baki, a kawar da abin da zai buge, a juya shi gefe in ta lafa. Addu'a ana yin ta ne hannu na aiki.

Mene ne nalokson, kuma yana maganin komai?

Magani ne da ke ture ofiyom daga inda ya maƙale a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo cikin minti biyu zuwa uku. A jikin kwalbar za a ga an rubuta Naloxone. Allurar kan zo da miligiram 0.4 a mililita ɗaya, ana yin ta a naman cinya ko dantse. Akwai kuma na feshi a hanci mai miligiram 4. Ba ya bugarwa, kuma in aka yi wa wanda bai sha ofiyom ba, ba ya yi masa wani aiki. Gidan da ke da mai shan waɗannan ƙwayoyi ya kamata su tambayi likita ko ma'aikacin magani yadda za su samu da yadda ake yi, tun kafin ranar buƙata.

Iyakarsa uku ce. Aikinsa minti 30 zuwa 90 ne, tiramol da nitazin kuwa suna iya daɗewa a jiki fiye da haka, don haka mutum kan farka, ya ce shi lafiya lau, bayan awa ɗaya ya koma. Asibiti dole ne ko ya miƙe. Na biyu, fentanil da nitazin kan buƙaci a maimaita fiye da sau ɗaya. Na uku, ba ya taɓa roci, D5, karisofurodol ko giya, kuma ba ya tsayar da jijjigar tiramol. Saboda haka a ƙwayar haɗi, mutum na iya ci gaba da barci bayan allura. Abin da ake nema shi ne numfashi ya dawo, ba sai ya tashi zaune ba. Wanda ya saba sha kuma zai iya farkawa da amai, gumi, ciwon jiki da faɗa. A rarrashe shi, a hana shi ƙara wata ƙwayar.

Zan iya kamuwa in na taɓa ƙwayar ko na hura masa iska?

A'a. Taɓa ƙwaya ko garin fentanil da busasshiyar fata na ɗan lokaci ba ya jawo haka, a wanke hannu da ruwa da sabulu kawai, kada a kai shi ido ko baki. In akwai gari a leɓensa ko hancinsa, a goge da tsumma kafin a fara hurawa.

Wanda bai daina ba tukuna, me zai rage masa haɗari?

Babu adadin jabun ƙwaya da za a ce ba shi da haɗari, amma akwai abin da ke raba suma da mutuwa. Kada ya sha shi kaɗai a ɗaki a kulle. Kada ya haɗa da roci, D5, kodin ko giya. Kada ya ƙara ta biyu don ta farko ba ta kama shi da wuri ba. In ya yi hutu, ya san jikinsa ba na da ba ne. Abokan zamansa kuma su san ƙirga numfashi da hurawa.

Dainawa kuwa a hannun likita ta fi. Yanke tiramol farat ɗaya yana kawo ciwon jiki, gudawa, rashin barci da fargaba, abin da ke mayar da mutane da yawa. Yanke roci ko D5 farat ɗaya ya fi haɗari, don yana iya jawo jijjiga, shi ya sa ake rage su sannu a hankali. Ana samun wannan kulawa a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, kuma NDLEA tana da layin shawara na kyauta a 0800 1020 3040.